Sayen kaya a daidai lokacin buƙata

“Ina da gidan burodi. An ce in daina tara fulawa, sai zan yi aiki a kawo. Ya kuka gani?”

Ɗan'uwa, ribar tsarin a fili take: jarinka ba ya kwanciya a sito, danshi da ƙwari ba sa ɓata maka fulawa. Amma sai da dillali mai cika alkawari.

A ce kana kwaɓa buhu 10 a rana, kaya kan iso cikin kwana 2, amma in hanya ta lalace ko mota ta mutu sai kwana 5. To, kada ka jira sito ya koma buhu 20. Da ya sauka zuwa 50 ka yi oda. Buhu 30 ɗin nan su za su hana tandarka mutuwa. Dillalin da ya fara kawo rabin oda kuwa, nemi na biyu tun yanzu.