Mahaifiyata ta yi ɗawafi a keken guragu, ladanta ya ragu?

Tambaya: Malam barka da war haka, daga Tudun Wada Zariya nake. Hajiyarmu ta sauke farali bana amma ciwon gwiwa ya matsa mata, a keke aka tura ta ɗawafi da sa'ayi. Wata maƙwabciya da ta zo barka da sauka ta ce mata ai wahalar ce ke wanke zunubi, wanda bai sha wuya ba sunan alhaji kawai ya samo. Tun ranar take kuka. Gaskiya ne?

Amsa: Bismillah. Ɗan'uwa ka gaya ma Hajiya ta share hawayenta, hajjinta ya inganta, ba yanka a kanta. A mazhabar Malikiyya mai lafiya ne ake wajabta ma takawa a ɗawafi da sa'ayi, mai uzuri ba komai a kansa. Ummu Salama ta kai ma Annabi (SAW) kukan rashin lafiya sai ya ce ta yi ɗawafi ta bayan mutane tana kan abin hawa.

Maganar maƙwabciyar tana da tushe, fahimtar ce ta karkace. Annabi ya ce ma Nana A'isha game da umrarta daga Tan'im, ladanta gwargwadon wahalarta ne ko abin da ta kashe. Amma wace wahala? Wadda ibadar ta zo da ita, ba wadda mutum ya ƙirƙiro ma kansa ba. Da Annabi ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu don ya yi bakancen zuwa a ƙafa, cewa ya yi Allah ba ya bukatar wannan azabtar da kan, ya umarce shi ya hau.

Abin da gajiya ke yi shi ne ta tono halin da ke ɓoye. A gida kowa mai haƙuri ne, amma ka kwana a Muzdalifa kan tsakuwa ba tabarmar kirki, ga layin bayi, ga wani ya taka maka ƙafa silifas ya tsinke, nan zuciya ke fito da abin da ke cikinta, in ka danne harshe ka tuna wanda ka zo dominsa to nan wankin yake. Shi yasa aya ta 197 a Baƙara ta hana batsa da fasiƙanci da jayayya. Na ga mai ƙarfi ya taka daga Mina zuwa jifa yana zage zage duk hanya, wallahi abin ya ban tausayi.

Kuma wa ya ce Hajiya ba ta sha wuya ba? Mace da ta saba yi ma kanta komai ta zauna ana tura ta, gwiwa na zugi, tana kallon wasu na takawa ranta na so, ta haƙura. Ita ma maƙwabciyar a je a fahimtar da ita cikin mutunci kar ta sake faɗa ma wata. Wallahu a'alam.