Littafin da ya dace da mai koyon karatu da Hausa da Faransanci

Tambaya: "Ƴata tana ajin farko a nan Damagaram, ana koya mata karatu da Hausa da Faransanci. Wane irin littafi mai hotuna zan saya mata? Na ga ta fara cakuɗa su."

Hajiya, cakuɗawar nan daga baƙaƙe take fitowa, domin harsunan biyu da baƙaƙe iri ɗaya ake rubuta su, amma wasu baƙaƙen ba sauti ɗaya suke bayarwa ba. Tun 1973 aka fara gwajin karantarwa da Hausa tare da Faransanci a Zinder, kuma abin da na gani cikin shekarun da na yi ina karantar da ƙananan azuzuwa shi ne, tuntuɓen yara bai cika wuce c, u da e ba. Yarinyar da aka koya wa c na Faransanci za ta ga "ciki" ta karanta "siki". Wadda ta saba da u na Hausa kuma, idan ta tarar da ou, sai ta raba shi gida biyu, alhali sauti ɗaya ne. Haka nan za ta furta baƙaƙen ƙarshen kalma waɗanda Faransanci yake rubutawa amma ba ya furtawa.

Saboda haka ki raba wa littattafan aiki. Wanda za ta karanta da kanta ya zama na Hausa, mai manyan baƙaƙe, da layi ɗaya ko biyu a shafi, kuma shafukansa na farko su tsaya a kan baƙaƙen da harsunan suka yi tarayya a sautinsu, kamar a, i, m, l da b. Na Faransanci kuwa ke ko yayanta za ku riƙa karanta mata da baki tana kallon hoto tana faɗin sunayen abubuwa, domin yaro ba ya gane kalmar da kunnensa bai taɓa ji ba, ko da ya iya harhaɗa baƙaƙenta. Littafi mai harsuna biyu a shafi guda ban cika son sa ba a wannan mataki, saboda idonta zai gudu wajen layin da ya fi mata sauƙi.

Hoto yana da amfani na musamman a Hausa, tunda rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, hoton ne zai gaya mata ko "gari" na tuwo ne ko na mutane. Sai dai yana iya ɓoye haddar da ake zaton karatu ce. Ki rufe hoton da tafin hannu, ki nuna mata kalma daga tsakiyar layi. Idan ta yi shiru, ko ta ce "mage" inda aka rubuta "kyanwa", to hoton take karantawa, sai ku koma harhaɗa gaɓoɓi.

Idan littafin daga Kano ko Zariya ya zo, za ki ga 'y a inda namu suke rubuta ƴ. Ki nuna mata tun farko cewa sautinsu ɗaya ne.