Ana shiga shafin manhajata amma ba a saukewa

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Na sa an haɗa min manhajar rubuta bashi ta ƴan kasuwa, tana Play Store da App Store, ina kashe kuɗin talla mutane na shiga shafin amma ƙalilan ne ke saukewa. Bayanin ya fara ne da "Barka da zuwa! Mu kamfani ne da aka kafa domin kawo sauyi a harkar kasuwanci ta hanyar fasahar zamani." Wani yace min nan ne matsalar. Dan Allah ya zan gyara?

Wa'alaikumus salam Alhaji. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, kuma kafin ka ƙara ko sisi a talla ka fara gyara wannan. Na karanta layin nan naka sau biyu, wallahi da baka faɗa min ba bazan taɓa sanin manhajar bashi bace, zata iya zama ta banki, ko ta sayar da data, ko ta neman aiki. Kalmar "bashi" ma bata fito ba kwata-kwata.

Abinda yasa layin farko yake da nauyi haka shine wurin da aka baka ɗan mitsitsi ne. A Play Store akwai gurbin da ake kira Short description, haruffa 80 ne kacal har da tazarar dake tsakanin kalmomi, shi mutum yake gani a ƙarƙashin About this app, dogon bayanin kuwa mai haruffa 4000 sai ya danna sannan ya buɗe. A App Store kuma kana da Subtitle mai haruffa 30 a ƙasan suna, bayanin kansa layi kamar uku ne suke fitowa sai a yanke a sa more. Mutumin da ya biyo talla yana tsaye ne yana latsa waya da hannu ɗaya, ba zama yayi zai yi karatu ba, kaga kenan gaisuwar nan da tarihin kamfani sun cinye maka wurin da ya kamata ace kayanka ne a baje.

Toh mu zauna mu gyara taka. Ka manta da kamfanin tukunna, ka tuno mutum ɗaya dake da shago, ya ba mutane kaya bashi, ya rubuta a littafi, littafin ya jiƙe ko yaro ya yage shafi, ko kuma yana nan lafiya lau amma shi ya manta wa ya kamata ya biya yau. Me manhajarka take masa? Yana rubuta suna da adadi da ranar biya, ranar ta zo waya ta tuna masa. In har tana aiki ba tare da data ba, wannan shine dalilin da zai sa ya zaɓe ta ya bar littafi ko wata manhajar. Sai ka haɗa su a numfashi ɗaya:

"Rubuta bashin da kake bi, wayarka ta tuna maka ranar biya, ko babu data."

Na ƙirga, haruffa 72 ne, ya shiga gurbin 80 harda canji. Ka lura ya fara da abinda mutum zai yi, babu "mu" a ciki, da "kai" ake magana. Rabin farko aiki ne, rabin ƙarshe dalili. A Subtitle na Apple kuma sai ka matse shi ya koma "Rubuta bashi, tuna ranar biya", haruffa 29.

Amma fa maganar "ko babu data" nima ɗorawa nayi, ka tambayi wanda ya haɗa maka, ka kashe data da kanka ka gwada rubuta bashi ɗaya. In bata yi ba ka cire, ka nemi wani abin na gaskiya, misali tana tara maka jimillar abinda kake bi gaba ɗaya, ko tana ajiye bayanai in waya ta ɓata. Alƙawarin ƙarya a layin farko yana kawo saukewa, eh, amma kwana biyu mutum zai goge ya bar maka tauraro ɗaya da baƙar magana a ƙasa, kuma wannan kowa zai gani kafin ma ya karanta bayaninka.

Dogon bayanin ma haka zaka fara shi, ka maimaita aikin da wasu kalmomin sannan ka ƙara wa aka yi wa: mai shago, dillali, mai bada kaya sari. Tarihin kamfani in dole ne sai ya fito, ka kai shi can ƙasa.

Akwai abinda mutane ke yi da zarar sun gane layin farko ne kasuwa, sai su cika shi da "mafi kyau a duniya" da "lamba ɗaya" da manyan haruffa. Ka kiyayi wannan, dokar Google ta hana irin su #1 da Best da Free da emoji a sunan manhaja da tambarinta, ta kuma hana sa yabon kwastoma mara suna a cikin bayani, suna iya ƙin karɓar gyaran naka. Banda haka ma ai kowa yana cewa tashi ce mafi kyau, mai karatu ya daina jin kalmar.

Wani bambanci da ya kamata ka sani, Google yana karanta bayaninka wajen fito da manhaja in an yi bincike, shiyasa kalmar da mutane ke rubutawa, wato bashi, dole ta fito da wuri, sau ɗaya ko biyu cikin magana mai ma'ana ba jerawa ba. Apple kuwa ba da bayanin yake bincike ba, da suna da Subtitle da gurbin Keywords mai haruffa 100 yake aiki. Sannan a Apple baka iya taɓa bayanin sai in zaka tura sabon version na manhajar, abinda zaka iya canzawa ko yaushe shine Promotional Text, haruffa 170, yana zama a saman bayanin. Don haka ka shirya rubutun tun kafin mai haɗa maka ya tura gyara na gaba, kar ya tura sannan ka tuna.

Kafin ka ɗora, ka samu mutum biyar da basu san manhajar ba, ba ƙaninka ba ba abokin da kuka yi ta hirarta ba. Ka nuna musu layin na ɗan daƙiƙoƙi ka karɓe wayar, ka ce me wannan abu yake yi? In mutum yace "ta kasuwanci ce" ka faɗi, in yace "ta rubuta bashi ce tana tunatarwa" shikenan ka ci.

Daga nan sai lissafi. A Play Console, wato shafin da Google yake ba masu manhaja, zaka ga adadin waɗanda suka shigo shafin da adadin waɗanda suka sauke, ka rubuta su yau kafin ka taɓa komai. A ce cikin mutum 1000 mutum 80 ne suka sauke, in gyaran ya kai su 120 da kuɗin talla iri ɗaya, abinda kake biya akan kowane mai saukewa ya ragu da kashi ɗaya cikin uku. Akwai Store listing experiments a ciki, yana raba maziyarta ya nuna wa wasu tsohon rubutu wasu sabo, ka barshi ya kai aƙalla sati ɗaya, kuma layin kaɗai zaka canza, kar ka haɗa da hotuna a lokaci guda don bazaka san wanne yayi aiki ba. In bayan haka adadin bai motsa ba toh sai ka duba sikirinshot ɗin farko da kuma inda tallarka take zuwa, wataƙila mutanen da take kawo maka basu ma da shago.