An sallame ni daga aiki, an ce in jira: yaushe zan kai ƙara?

Tambaya: Malam, mako biyu ke nan da aka sallame ni daga aiki ba tare da an ji ta bakina ba. Manaja ya ce in yi haƙuri, za a sake duba maganar. Ina tsoron kada lokacin kai ƙara ya wuce ni. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, tsoron nan naka yana kan hanya. Tun yau ka nemi sanin wa'adin da dokar ƙwadago ta ƙasarka ta yanke, domin a wurare da dama gajere ne ƙwarai. A Jamus mako uku ne daga ranar da takardar sallama ta shigo hannunka. A Ostireliya kwana 21 ne daga ranar da korar ta fara aiki. A Afirka ta Kudu kwana 30 ne a kai batun gaban hukumar sasanci ta CCMA. Faransa ta ba da wata 12.

Abin da ke ɓata mini rai kullum shi ne yadda ma'aikata suka ɗauka cewa alƙawarin manaja yana tsayar da lissafin kwanaki. Ba ya tsayarwa! Roƙo, kai-komo a ofis, “dawo mako mai zuwa”, babu ɗayansu da doka take ƙirgawa. Ko ƙorafin da ka rubuta wa shugabannin kamfani, a ƙasashe da yawa wa'adi na ci gaba da tafiya alhali suna dubawa. Ga kuma masu ba da shawarar baka da ke cewa “ai gaskiya ba ta tsufa”. A kotu tana tsufa. Ka ɗauka wa'adinka mako uku ne, takarda ta iso ka ran 3 ga Maris. Ranar ƙarshe ita ce 24 ga wata. Idan aka ja ka da daɗin baki har 25, lauyan kamfani ba zai ma taɓa maganar korar ba, cewa zai yi ka makara. Daga nan sai neman alfarmar a karɓi ƙarar a makare, kuma dole ka kawo ƙwaƙƙwaran dalili. “Manaja ya ce in jira” da wuya ya karɓu.

Saboda haka ka cike takardar shigar da ƙorafi a hukumar sasanci ko kotun ƙwadago yanzu, ka ci gaba da tattaunawa da kamfanin a gefe. In an daidaita sai ka janye. Ka haɗa takardar ɗaukar aiki, ta sallama, da ta albashi, ka rubuta ranar da ka karɓi sallamar. Inda doka ta ce a miƙa wa kamfani kwafi, ka riƙe shaidar cewa sun karɓa.

Idan zaman sasanci ya watse, akan ba da takardar shaida, sabon wa'adi na kai ƙarar mataki na gaba kuma ya fara. A Afirka ta Kudu kwana 90 ne. Kafin nan, kada ka sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi haƙƙinka duka, sai lauya ko wakilin ƙungiyar ƙwadago ya karanta ta.