Tallan bara ya karɓu: a maimaita shi ko a sabunta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ɗinkin kayan yara a Zariya, ina kuma da shafi a Facebook. Bara kafin ƙaramar Sallah na sa hotunan rigunan 'yan mata da farashinsu, abin ya tafi sosai har na rufe karɓar aiki da wuri. Bana in danna Share ne kawai, ko in kwafo shi in sake sawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Cikin biyun nan babu wanda zan ba ki shawarar yi. In kin danna Share, tallan zai fito ne da kwanan watansa na bara da farashinsa na bara, sai ki wuni kina ba mutane haƙuri cewa yadi ya tashi. In kin kwafo shi yadda yake, waɗanda za su fara ganinsa galibi mabiyanki ne, da yawansu kuma sun gan shi bara, da ido ya gane hoton sai yatsa ya wuce. Akwai hanya ta uku da mutane ke bi, wato su shiga Edit post su canza farashi su zauna jiran ciniki. Gyara ba ya mai da tsohon rubutu sabo, yana nan a inda yake can ƙasan shafi. Abin da ya dace shi ne ki gina sabo a kan abin da ya ɗaga na baran.

To amma sai kin gano mene ne ya ɗaga shi. Ki buɗe Meta Business Suite ko Professional dashboard, ki nemo tallan, ki shiga Insights ɗinsa in alƙaluman suna nan. Ki rubuta abu uku a takarda: mutum nawa ya kai wa, mutum nawa suka tura shi gaba, da kuma ko kin biya kuɗin Boost a lokacin. Na ukun nan shi ake yawan mantawa. In kuɗi ne ya kai shi gaban jama'a, to kada ki sa ran zai yi irin wannan tafiyar a kyauta. In kuma wani babban shafi ko zauren mata ne ya tura shi, sa'a ce ta zo, sai dai ki nemi su sake. Amma in mutane ne ɗai-ɗai suka yi ta turawa suna kiran sunayen ƙawayensu a ƙasa, to kayan ne da kansu suka yi magana, kuma wannan shi ya cancanci wahalar sabuntawa.

Daga nan ki zauna da sharhin da aka yi a ƙarƙashinsa, a nan aikin yake. Ki tsallake masu "Masha Allah" da "Allah ya sa albarka", mun gode musu, ki tsinto tambayoyi kaɗai ki kasa su gida-gida. A ce kin samu tambaya 60: 25 suna tambayar ko akwai na 'yan shekara goma zuwa sha biyu, 20 suna tambayar ko kina aikawa Kaduna da Abuja, 10 suna son sanin ko za su iya kawo yadinsu, sauran kan launi ne. Wannan ya nuna miki tallan bara ya ja hankali, amma ya bar mutane da tambaya uku da bai amsa ba. Duk wadda ta tambaya a fili, akwai wasu da ba su tambaya ba, suka wuce abinsu. Saboda haka na bana zai faɗi iyakar shekarun da kike ɗinkawa, garuruwan da kike aikawa da wanda zai biya kuɗin mota, da kuɗin ɗinki ga mai kawo yadinta. Ki kuma lura da rigar da aka fi nunawa. In "ta ukun nan mai ruwan hoda" ake ta cewa, ita ko irinta ce za ta zama hoton farko.

Abin da za ki bari shi ne tsarin da ya yi aiki: in bara kin sa farashi a fili, kada bana ki koma "a zo inbos", don wataƙila bayyana farashin ne ya sa aka yarda da ke. Abin da za ki canza shi ne duk abin da lokaci ya cinye, wato farashi, ranar rufe karɓar aiki, lambar waya in ta sauya, da layin farko. Facebook yana yanke dogon rubutu ya sa See more, don haka layi biyun farko su ɗauki labarin. Maimakon doguwar gaisuwa, ki fara da wani abu kamar "Rigunan Sallar da suka ƙare bara sun dawo, bana har na 'yan shekara goma sha biyu." Mai tuna na bara za ta gane, wadda ba ta gani ba kuma ta ji cewa an taɓa wawashe su.

Hotuna kuwa, kada ki sauko da na bara daga Facebook ki sake ɗorawa, kada kuma ki ɗauki hoton allon waya. Manhajar tana matse hoto lokacin da aka ɗora shi, in kin sauko da shi kin mayar an matse shi sau biyu ke nan. Za ki gane haka idan kin buɗa hoton da yatsu biyu: aikin zare ya dusashe, gefen riga ya yi dishi-dishi. Ki nemo na asali a wayarki. In wani ne ya ɗauka miki, ya turo ta WhatsApp a matsayin Document, ba ta wurin hotuna ba. Mafi kyau dai ki ɗauki sababbi uku ko huɗu da hasken safe, a tsaye, ma'aunin 4:5, wato 1080 a faɗi da 1350 a tsawo, ki bar ɗaya tak daga na bara don tuni. In akwai hoton ɗiyar wata a ciki, ki sake neman izinin uwarta, izinin bara ba na har abada ba ne.

A ƙarshen rubutun ki sa mahaɗin da zai kai mutum WhatsApp ɗinki kai tsaye. Ana cire sifirin farkon lamba, a rubuta sauran bayan 234 a madadin X ɗin nan, ba a sa alamar tarawa, ba a barin fili:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Ki gwada shi a wayar wani kafin ki saki tallan.

Sai lokaci, inda masu sana'ar Sallah ke yawan faɗawa rami. Memories na Facebook yana tuna miki abu ne da kalandar Miladiyya, ita kuwa Sallah tana matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara. In bara kin sa tallan saura mako uku Sallah, ranar da Facebook zai tuna miki bana saura kusan kwana goma ne, lokacin da iyaye sun riga sun kai ɗinki wani wuri. Ki ƙirga daga watan azumi, ba daga kwanan watan da ke kan tsohon tallan ba.

Tsohon kada ki goge shi, sharhinsa shaida ce a gare ki. A nan ne Edit post ke da amfani: ki sa layi ɗaya a samansa cewa wannan farashin bara ne, na bana yana sabon talla, ki manna mahaɗinsa. Bayan mako guda ki kwatanta su, amma ba da yawan masu danna alamar so ba. Ki ƙirga saƙonnin da suka shigo da waɗanda suka biya kafin alƙalami. In saƙo ya yi yawa biya ya yi kaɗan, farashin za ki duba. In saƙon ne bai zo ba, ki canza hoton farko da layin farko ki sake gwadawa tun azumi bai yi nisa ba.