Sun ba ni maudu'i, kwana huɗu kacal kafin intabiyu

"Salam Hajiya, ni nas ce 'yar Maraɗi, shekara shida ina zaune a Aboabo nan Kumasi. Wata ƙungiyar lafiya ta kira ni intabiyu ranar Juma'a, yau Litinin, wai in yi bayanin minti goma da silayid kan yadda zan ƙara yawan yaran da ke kammala rigakafi a unguwannin Zango cikin wata uku na farko. Na riga na haɗa silayid 22 kuma ban gama ba. Ya zan yi?"

Wa'alaikis salam 'yata. Ki rufe laftof ɗin tukuna, 22 ɗin nan ba za su shiga minti goma ba ko da gudu kike magana. In mutum yana Turanci a natse, musamman mu da ba harshen gida ba ne, kalma wajen 120 yake yi a minti, kenan duka abin da za ki faɗa bai wuce kalma 1,100 ba in kin bar sararin numfashi. Silayid shida ko bakwai sun ishe ki.

Yau ɗin nan ki mayar musu da imel gajere: mutum nawa ne a kwamitin, akwai furojekta ko ki zo da bugaggen takardu, sai an tura fayil kafin ranar ne, kuma tambayoyi suna cikin minti goman ko bayansa. Ba wanda zai ga gazawarki don kin tambaya.

Sannan ki sake karanta maudu'in da biro a hannu. Kalma uku ke ɗauke da shi: kammala, Zango, wata uku. Na tabbata rabin silayid ɗinki suna bayanin menene rigakafi da amfaninsa, alhali waɗanda za su zauna gabanki aikinsu kenan kullum, duk ki cire. "Kammala" na nufin damuwarsu yaron da ya fara aka daina kawo shi. A nan Gana allurar ƙyanda ta farko a wata tara ake yi, ta biyu a wata 18, kuma ke kin fi ni sani tsakanin nan ne uwa take daina zuwa awo, yaro ya fara tafiya, ita ta koma sana'a kasuwar Kejetiya ko wani cikin ya shiga, ko an tafi gida Nijar ganin dangi da katin a ƙasan akwati. To wannan giɓin kaɗai za ki kama, ki faɗa musu a minti na farko cewa shi kika zaɓa da dalili, kar ki ɓoye amsarki sai ƙarshe, don in lokaci ya ƙare aka tsayar da ke ita ce za ta salwanta.

Ki nuna kin iya lissafin. A ce rajistar asibiti ta nuna yara 200 sun karɓi ta farko, 150 suka dawo ta biyu: ki cire 150 daga 200, saura 50, ki raba da 200, kashi 25 cikin ɗari sun zube a hanya. In ba ki samu alƙaluman gaskiya na gundumar Asokore Mamfon, wadda Aboabo take cikinta, kafin Laraba ba, ki rubuta ɓaro-ɓaro a silayid ɗin cewa misali ne, kuma aikinki na makon farko shi ne ciro na gaskiya daga rajista. Don Allah kar ki ƙirƙiro lamba ki ce ta hukuma ce, a kwamitin ba a rasa wanda ya san ta da ka.

Wata ukun ki raba su yadda aiki ke tafiya: na farko fitar da sunayen yaran da suka makara da gaida sarkin Zango da limamai da magajiyoyi, na biyu bi gida-gida da sanarwa a masallacin Juma'a da wajen suna, na uku a sake ƙirga a ga ko 25 ɗin ta sauka. Ki faɗi abin da zai iya hana ruwa gudu, kamar masu haya da ke tashi ba sallama. Hausarki kuma ki sa ta cikin tsarin, cewa ke za ki yi wa iyaye magana ba tafinta.

Laraba ki gama silayid, rubutu manya, girmansa kada ya gaza lamba 24, kan kowane silayid jimla ɗaya mai ɗauke da saƙo. Alhamis ba gyara, maimaici ne kawai, a tsaye da murya sama da agogon waya, sau uku aƙalla, ki tsaya a minti tara. In kin wuce, silayid guda za ki jefar, ba sauri za ki ƙara ba. Ki samu wata abokiyar aiki ta tsare ki da tambayar da nake jin za su yi: kuɗin zirga-zirgar nan daga ina, kuma in mai gida ya ce ba a yi wa ɗansa fa?

Ki ajiye fayil ɗin a PowerPoint da PDF cikin filash, ki tura wa kanki ta imel, ki buga kwafi ga kowane ɗan kwamiti da guda naki, saboda dumso, ɗaukewar wutar nan ta Gana, ba ta sallama. In wuta ta ɗauke ki miƙa musu takardun ki ci gaba daga inda kika tsaya. Allah Ya ba da sa'a ranar Juma'a, ki rubuto min yadda aka kaya.