Balas ɗin Adaidaita Sahu Ba Duka Ne Riba Ba

Tambaya: "Na sayi adaidaita sahu da kuɗin gadon marayuna, komai da komai ta tsaya mini naira 3,000,000. Direba yana kawo balas 5,000 kullum. Ɗana ya ce ba duka ne riba ba, wai akwai raguwar daraja. Asara nake yi?" Wata uwa daga Zariya.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba asara kike yi ba, amma yaron nan ya faɗa miki gaskiya. Duk ranar da keken ya hau titi, inji yana ci, jiki yana saki, wani yanki na miliyan ukun nan yana tafiya. Raguwar daraja ita ce raba kuɗin da aka sayi kayan aiki a kan shekarun da zai yi yana kawo kuɗi, domin kowace shekara ta ɗauki rabonta. Mai da gyara lissafinsu daban.

Abu biyu za ki ƙiyasta, kuma bakanike da dillalai za ki tambaya: shekara nawa keken zai yi kafin gyara ya fi ƙarfin balas, da nawa za a saye shi a lokacin. Mu ɗauka shekara 4, a saye shi 720,000. Abin da zai narke ke nan 2,280,000.

Hanya ta farko ita ce rabon daidai. Ki raba 2,280,000 gida huɗu, kowace shekara 570,000, wato 47,500 a wata. Idan keken yana fita kwana 26 a wata, wajen 1,800 cikin kowace 5,000 uwar kuɗinki ce take dawowa.

Hanya ta biyu tana cire kaso ɗaya tsayayye daga abin da ya saura. Da kashi 30 cikin 100, shekarar farko za a cire 900,000, saura 2,100,000. Ta biyu kashi 30 na wannan sauran, 630,000, saura 1,470,000. Ta uku 441,000, ta huɗu 308,700, a tsaya a 720,300. Duka hanyoyin wuri ɗaya suka kai ki, sai dai ta biyun ta ɗora nauyin a farko. Ta fi kama da halin abin hawa, domin sabon keke yana zama na hannu tun makon farko, kuma shekarun da ragin yake ƙanƙancewa su ne shekarun da gyara yake yawa.

Don tara kuɗi, ki bi ta farko, ta fi sauƙin riƙewa. Idan kuwa sayarwa ta taso bayan shekara guda, kada ki ƙallafa rai a kan 2,430,000 da ta farkon za ta nuna miki. Ki shiga ciniki da 2,100,000 a ranki.

Ga abin da yake ƙona mini rai. Mutane suna karɓar balas su zuba shi a cefane, anko da gudummawar biki, suna ganin kasuwa ta buɗe, alhali jarinsu suke ci da cokali. Ranar da inji ya buga, babu keke, babu kuɗin wani. Rubuta 47,500 a littafi ba ya ajiye ko sisi, sai kin ɗauke kuɗin da hannunki kin sa a asusun da ba na cefane ba. Kuma ko kin tara cif, kuɗin tsohon keke kika mayar, sabon kuwa da wuya ki same shi a farashin da kika sayi wannan. Duk shekara ki tambayi kuɗin sabo, ki ƙara abin da kike warewa. Dukiyar marayu ce a hannunki, ta fi kowace buƙatar wannan tsantseni.

Tambaya: "Janaretan shagona na saye shi 400,000, yau an taya shi 450,000. Ina raguwar?" Mai aski daga Gusau.

Malam, je ka tambayi kuɗin sabonsa irin naka. Naira ce ta faɗi, janaretanka bai ƙara kwana ko ɗaya a rayuwarsa ba. Ci gaba da warewa.

Tambaya: "Wace hanya zan bi wajen rage darajar filina?" Wani daga Katsina.

Babu ko ɗaya. Fili ba ya ƙarewa da amfani, saboda haka ba a yi masa wannan lissafi. Idan ka gina shaguna a kai, ginin za ka raba a kan shekarunsa, ka ware kuɗin filin gefe.